Daga Ƙasa Katanga, Daga Sama Rufi: Yadda Ake Gano Inda Aka Ɗauki Hoto

A watan Yulin 2018 wani bidiyo ya bazu a wayoyin jama'a. Wasu mutane ne cikin kakin soja suke tasa ƙeyar mata biyu da ƙananan yara biyu a kan wata turba mai ƙura, suka kai su gefen hanya, suka rufe musu ido, suka harbe su. Babu allon sunan gari a cikin bidiyon, babu lambar mota, babu kwanan wata. Masu yaɗa shi sun ce a arewacin Kamaru ne. Ministan yaɗa labaran ƙasar na lokacin, Issa Tchiroma Bakary, ya ce labarin ƙarya ne. Wasu kuma suka ce ai a Mali abin ya faru.

Bayan wata biyu, sashen bincike na BBC Africa Eye, tare da masu bincike na Amnesty International da na Bellingcat da wasu 'yan sa-kai, ya nuna takamaiman wurin: wata turba ce a wajen garin Zelevet, a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, dab da iyakar Nijeriya. An kai ga wurin ne ta hanyar ɗora abin da ido ya gani a ƙasa bisa abin da tauraron ɗan'adam ya gani daga sama: duwatsu, hanya, gine-gine, itatuwa.

Wannan aiki ba sihiri ba ne, kuma ba sai mai na'ura ta musamman ba. Yana da ƙa'idoji kaɗan waɗanda mai waya da haƙuri zai iya koya. Babbar cikinsu ita ce: ba kamanni ake nema ba, tsari ake nema. Wato wane abu ne ke hagun wane, wane ne ke gaban wane, hanya nawa ce ta haɗu kuma ta wace fuska.

Ido biyu, wuri ɗaya

Mutumin da ya tsaya a titi ya ɗaga waya yana kallon gari ne daga tsayin da bai kai mita 2 ba. Abin da yake gani shi ne katanga, ƙofa, taga, fenti da rubutun shaguna. Tauraron ɗan'adam kuwa yana ratsawa ne ɗaruruwan kilomita a sama, abin da yake gani shi ne rufi, tsakar gida, kan itace da shimfiɗar hanya. Gidan da kowa a unguwa ya sani da koriyar ƙofa, daga sama ba shi da ƙofa ko kaɗan. Kwano ne mai kusurwa huɗu, a tsakanin ɗaruruwan irinsa. Wahalar aikin ke nan gaba ɗaya: hotuna biyu na wuri ɗaya, amma kusan babu fuskar da suka yi tarayya a kanta.

Sai kuma yadda shi hoton saman yake zuwa. Taswirar da muke buɗewa a waya ba hoto ɗaya ba ne. Ƙananan yankuna ne masu kusurwa huɗu da aka jera gefe da gefe kamar tayil ɗin ɗaki, kowanne yawanci ɗigo 256 a tsaye, 256 a kwance. Abin da ya kamata mai bincike ya fara tambaya shi ne: ɗigo ɗaya faɗin ƙasa nawa ya ɗauka? A hotunan kasuwanci masu kyau, irin na tauraron WorldView-3 da aka harba a 2014, ɗigo ɗaya yana ɗaukar kimanin santimita 30. A hotunan kyauta na Sentinel-2 na Tarayyar Turai, ɗigo ɗaya mita 10 ne.

Bambancin ba ƙarami ba ne. A hoto mai santimita 30, ƙaramar mota mai tsawon mita 4 da rabi za ta zama ɗigo 15, ana iya gane ta. Fuloti mai ƙafa 50 da 100, wato kimanin mita 15 da 30, zai fito da ɗakunansa da tsakar gidansa. A hoto mai mita 10 kuwa, wannan fulotin duka bai wuce ɗigo huɗu ko biyar ba. Da irin wannan za a ga kogi da babban titi da gonaki, amma ba za a daidaita gini da shi ba.

Ko a hoto mai kyau akwai abubuwan da ba sa fitowa da kansu. Katangar bulo mai inci 9 kaurinta bai cika ɗigo ɗaya ba, haka ma falwayar lantarki. Inuwarsu ce take tona su. Idan ka ga siririn baƙin layi ya kewaye fili, sau da yawa inuwar katanga kake gani. Wanda ya saba da aikin yana karanta inuwa kamar yadda yake karanta ginin kansa.

Zana kafin ka buɗe taswira

Kuskuren da sabon shiga yake fara yi shi ne ya buɗe taswira nan take ya hau yawo da yatsa, ko Allah zai sa ya ga wani abu mai kama. Ido yakan gaji, kuma idan ya gaji sai ya fara yarda da duk abin da ya gani. Hanyar da ta fi ita ce a ɗauki takarda da fensir tukuna. Ka sa ɗigo a ƙasan takardar, nan ne mai hoton yake tsaye. Sannan ka zana abin da ke cikin hoton kamar kai shaho ne kana kallo daga sama.

Da hanya ake farawa, domin ita ce ƙashin bayan gari, kuma ta fi gini daɗewa. Gida yakan canza rufi, shago yakan canza fenti, amma mararraba takan shekara hamsin a inda take. Tambayoyin su ne: hanya nawa ce ta haɗu a nan? Uku ce ko huɗu? Idan uku ce, ɗaya ce ta zo ta tokare da wata ta tsaya, ko kuwa ɗaya ce ta rabu biyu kamar gwafa? Idan huɗu ce, sun gitta juna daidai, ko ta dama ta ɗan riga ta hagu shigowa? Wacce ce kwalta, wacce ce burji? Akwai kwalbati ko magudanar ruwa a wane gefe?

A nan akwai tarkon da ya kamata a sani. Daga ƙasa, nesa takan matse. Mararrabar da take mita 80 a gabanka za ta fito a hoto kamar ɗan siririn zare, kuma hanyar da ta shigo a miƙe tana iya zama kamar ta shigo a karkace. Saboda haka ba a dogara da girman kusurwa ko tazarar da ido ya ƙiyasta a hoton ƙasa. Abin da ba ya canzawa shi ne ƙidaya da jeri. Idan hanyoyi uku ne a ƙasa, uku ne a sama. Idan masallaci yana hagun hanya kuma gidan mai yana damanta, babu tsayin da za a hau ya sauya wannan. Idan lungu ya shigo kafin a kai ga makaranta, a hoton sama ma kafin makarantar zai shigo.

Abu na gaba shi ne gano gabas da yamma, domin zanenka ya san yadda zai kwanta a kan taswira. Inuwa tana taimakawa: da safe tana faɗawa yamma, da la'asar tana faɗawa gabas. A garuruwanmu kuma akwai wata alama da ba kowace ƙasa ke da ita ba, wato masallaci. Daga Kano, alƙibla tana kimanin digiri 68 daga arewa, wato gabas da ɗan karkata zuwa arewa. Sau da yawa gidaje suna bin layin titi, masallaci kuwa yana bin alƙibla, sai ka gan shi daga sama ya ɗan juya shi kaɗai a cikin jerin gine-gine, da ɗan ƙullutun mihrabi a bangonsa na gabas. Idan hoton ƙasa ya nuna maka wannan bangon, ka san ta wace fuska mai hoton yake kallo.

Karanta rufi daga jikin katanga

Da an gama da hanya sai gine-gine. Aikin shi ne ka kalli bango ka hango rufin da ke kansa. Ginin da ya lanƙwasa kamar gwiwar hannu, daga sama ma haka zai fito. Rufin kwano mai gangara biyu yana da layi ɗaya a tsakiya, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya haske saboda rana. Mai gangara huɗu yana da layukan da suka taso daga kusurwoyi suka haɗu a sama. Soron ƙasa kuwa launinsa ɗaya da ƙasar da ke kewaye da shi, sai inuwa ce take fitar da gefensa. Rumfar gidan mai, tankin ruwa a kan ƙarfe, hasumiya, filin ƙwallon makaranta: waɗannan su ne abubuwan da ake gani ta fuska biyun, don haka su ake fara nema.

Ana iya ƙiyasta tsawon gini ma, in dai bangon yana fuskantar mai hoton sosai, ba a karkace ba. Ƙofar ɗaki tsayinta kimanin mita 2 ne. Idan faɗin bangon ya ninka tsayin ƙofar sau shida a hoto, bangon ya kai mita 12 ko kusa da haka. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Sai ka je hoton sama ka auna da ma'aunin da ke cikin Google Earth Pro. Kada ka yi mamaki idan ka sami mita 13: kwano yakan zarce bango da kimanin rabin mita ta kowane gefe don kare shi daga ruwa. Amma idan ka sami mita 20, ba ginin ba ne.

Akwai wata yaudara da ta shafi dogayen gine-gine. Tauraron ɗan'adam ba kullum yake kallo daga tsakiyar ka ba, sau da yawa yana leƙowa ne daga gefe. Wannan yana sa bene ko hasumiya su fito kamar sun jingina. Idan tauraron ya karkata da digiri 20, kan hasumiya mai tsayin mita 15 zai goce daga gindinta da fiye da mita 5 a cikin hoton. Wanda ya ɗauki kan hasumiyar a matsayin inda take ya ɓata lissafinsa tun daga farko. Gindi ake nema, kuma hanyar gane shi mai sauƙi ce: inda inuwa ta manne da ginin, nan ne gindinsa.

Ina mai hoton ya tsaya?

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce an turo maka hoto, an ce a wani gari ne da ka sani, amma ba a faɗi unguwa ba. A cikin hoton, titin kwalta ya miƙe gaba, ya je ya tokare da wani titin ya tsaya. A hagu akwai masallaci mai hasumiya ɗaya, can bayansa kuma tankin ruwa a kan ƙarfe. A dama akwai doguwar katangar makaranta, bayan mararrabar kuma rumfar gidan mai. Inuwar mutane tana faɗawa wajen mai hoton, kuma an ce da safe aka ɗauka.

Zanenka zai nuna mararraba mai hannu uku, mai hoton yana kan ƙafarta. Tunda inuwar safe yamma take faɗawa kuma ta nufo shi, to gabas yake fuskanta, ko kusa da haka. Yanzu ka san abin da kake nema: titin da ya taso daga yamma ya ƙare a jikin wanda ya bi kudu da arewa, masallaci a arewacinsa, babban fili mai dogayen azuzuwa a kudancinsa, farar rumfa a ƙetaren mahaɗar. Maimakon duba dukkan gari, sai ka bi manyan titunan da suka bi kudu da arewa kana tsayawa a kowace mahaɗa mai hannu uku. A ce ka sami uku da suka yi kama. Ta farko tana da masallaci amma a kudu, ta fita. Ta biyu tana da komai amma babu tanki, kuma tsofaffin hotunan wurin ma ba su nuna an taɓa yin sa ba, ita ma ta fita. Ta uku ce take da duka.

Samun mararrabar rabin aiki ne. Sauran shi ne sanin inda ƙafar mai hoton take, kuma akwai dabara mai kyau a kan haka. Ka nemi abu biyu a hoton da suka saitu, ɗaya a bayan ɗaya. A misalinmu, a ce tankin ruwan ya fito daidai bayan hasumiyar, har ta rufe rabinsa. Ma'anar wannan ita ce tanki da hasumiya da mai hoto suna kan layi ɗaya miƙaƙƙe. Sai ka ja layi a hoton sama daga gindin tankin, ya ratsa gindin hasumiyar, ya wuce. Mai hoton yana wani wuri a kan layin nan. Sannan ka nemi wani saitin a ɗaya gefen: a ce kusurwar katangar makarantar ta zo daidai da ƙarshen rumfar gidan man. Ka ja layi na biyu. Inda layukan biyu suka gitta, nan ya tsaya.

Dabarar tana da iyaka, kuma yana da kyau a san ta da lissafi. Idan tsakanin tankin da hasumiyar mita 20 ne kawai, mai hoton kuma yana mita 60 daga hasumiyar, to kuskuren mita 1 wajen sa alama a gindin hasumiyar zai zama mita 4 kafin layin ya iso inda yake. Shi ya sa ake zaɓar abubuwa biyu masu nisa da juna, na kusa ya zama kusa da mai hoto sosai. Haka kuma idan layukan biyu sun kusa kwanciya a kan juna, mahaɗarsu ba ta da tabbas. An fi so su gitta da faɗi, ɗaya daga hagu, ɗaya daga dama.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ya raba mai bincike da mai neman abin da ransa yake so. Ka tsaya a wannan wuri a kan taswira ka tambayi kanka: daga nan, me kuma ya kamata a gani? Idan hoton sama ya nuna babbar darbejiya tsakanin wurin da masallacin, dole ta fito a hoton ƙasa, ko kuma a sami dalilin rashinta. Idan akwai bene mai hawa biyu a bayan gidan man, dole kansa ya leƙo. Ba abin da ya dace kawai ake ƙirgawa ba. Ana farautar abin da bai dace ba da gangan.

Komawa Zelevet

Haka masu binciken bidiyon Kamaru suka bi, sai dai nasu ya fi wuya, domin babu kwalta, babu gidan mai, babu hasumiya. Abin da suka fara riƙewa shi ne jerin duwatsun da suka fito a farkon bidiyon, masu tudu da kwari na musamman. Yankin duwatsun Mandara ne, inda tsaunuka suke da yawa kuma suke kama da juna. Sun daɗe suna nema ba su dace ba, sai da wani daga Kamaru ya ba su shawarar su duba wajen Zelevet. Google Earth yana ba da damar a kwantar da kallo har ya koma kamar na mutumin da ke tsaye a ƙasa, a ga yadda bakin duwatsu ya zana kansa a jikin sama. Da suka yi haka a wajen garin, zanen ya hau daidai.

Amma dutse yana ba da yanki ne kawai. Mutum yana iya matsawa mita ɗari biyu ko uku, dutsen da ke nesa bai canza kama sosai ba. Abin da ya matse wurin shi ne ƙananan abubuwa na kusa: inda turbar ta bi, inda hanyar ƙafa ta rabu da ita, gine-ginen da aka wuce, itatuwan da ke gefe. Da yake bidiyo ne mai tafiya, yana da wata fa'ida a kan hoto guda. Abubuwa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kuma dole jerinsu ya zama shi ne jerin da ke kan hoton sama idan aka bi turbar da yatsa. Gini ɗaya yana iya dacewa bisa katari. Gini da itace da mararraba da dutse, kowanne a gurbinsa kuma bi da bi, katari ba ya kawo wannan.

Gine-ginen nan kuma sun ba da abin da ba a zata ba, wato lokaci. Google Earth Pro yana ajiye tsofaffin hotunan wuri, mutum yana iya ja baya shekara bayan shekara. Wani gini a bidiyon yana kewaye da katanga, hotunan sama kuma suka nuna ba a yi katangar ba sai bayan Nuwamban 2014. Ke nan kisan bai riga wannan lokaci ba. Wani ginin yana tsaye a bidiyon, amma zuwa Fabrairun 2016 an rushe shi. Ke nan kafin lokacin ne. Wata hanyar ƙafa da ake hangowa a bidiyon kuma ba ta fitowa a hotunan sama sai da rani, tsakanin Janairu da Afrilu. Daga nan aka auna inuwar sojojin a kan turbar aka fitar da tsayin rana da fuskarta, lissafin ya nuna tsakanin 20 ga Maris da 5 ga Afrilun 2015.

Akwai darasi a yadda waɗannan hujjoji suka riƙe juna. Rana tana bin hanya iri ɗaya a sama sau biyu a shekara, inuwar ƙarshen Maris kusan ita ce inuwar tsakiyar Satumba. Inuwa ita kaɗai ba za ta raba su ba. Amma Satumba a wannan yanki damina ce, ciyawa da shuka sun rufe ƙasa, bidiyon kuwa busasshiyar ƙasa ya nuna. Kowace hujja tana toshe ramin da 'yar'uwarta ta bari.

Kama da wane ba ta wane

Inda aka fi yin kuskure shi ne wuraren da aka gina da zubi ɗaya. Rukunin gidajen gwamnati, azuzuwan firamare, sansanin 'yan gudun hijira, sabbin unguwannin da aka yanka fuloti daidai wa daida: a irin waɗannan, mararraba goma suna iya zama kamar an haife su rana ɗaya. Maganinsa shi ne a nemi abin da bai bi tsarin ba, kamar ɗakin da wani ya ƙara a bayan gida, ko itacen da ya tsaya a tsakiyar hanya, ko lungun da ya karkace don kauce wa rijiya. Abu ɗaya da ba shi da na biyu ya fi abubuwa goma da kowace unguwa take da su.

Na biyu shi ne hoton da aka juya. Kyamarar gaba ta waya takan mai da hagu dama, wasu masu yaɗa bidiyo kuma suna juya shi da gangan. Idan haka ta faru za ka yi ta neman masallaci a arewa alhali yana kudu. Ana gane wannan ta rubutun allo ko na riga, ko ta hannun da motoci suke bi. A Nijeriya da Nijar da Kamaru da Ghana duk dama ake bi. Idan ka ga motoci suna bin hagu a hoton da aka ce daga can yake, ko an juya shi, ko ba can ba ne.

Na uku shi ne lokaci. Tayil biyu da ke maƙwabtaka a taswira suna iya zama na shekaru daban, har ka ga titi ya yanke a tsakiya ko launin ƙasa ya canza a kan miƙaƙƙen layi. A garuruwan da suke girma da sauri, filin da yake fayau a hoton sama yana iya cika da gidaje cikin shekara biyu. Don haka kafin a ce wuri bai dace ba, a duba kwanan watan da ke ƙasan allo, a ja baya, a matsa gaba. Haka ma damina da rani: itacen da ya rufe kusurwar gida da ganye a watan Agusta yana iya bayyana ta a watan Maris.

Ƙa'idar da ta tattara waɗannan ita ce: saɓani ɗaya da ba a iya bayyana dalilinsa ba ya rinjayi dacewa goma. Idan an ce gini ya ɓace saboda an rushe shi, a nuna hoton da yake tsaye da wanda ba ya nan. Idan ba a iya nunawa ba, abin da za a ce shi ne wurin yana kama, ba a ce shi ne ba. Kuma a tuna cewa gano wuri ba ya nuna wanda ya aikata abu. A binciken Kamaru sai da aka bi bindigogi da kaki da sunayen da aka ji ana kira a bidiyon, kowanne da nasa aikin daban.

Ya kamata kuma a riƙe cewa wuƙar nan kaifi biyu gare ta. Layuka biyun da suke nuna inda aka yi zalunci su ne kuma suke nuna tagar da wani ya leƙo ya ɗauki hoton. Wanda ya gano wuri, kafin ya watsa, ya tambayi kansa wa zai shiga haɗari idan aka san daidai inda mai ɗaukar hoton ya tsaya. Wani lokaci faɗin unguwa ya isa, ba sai an nuna gida ba.

Tun a watan Agustan 2018 gwamnatin Kamaru ta sanar da kama sojoji bakwai. A Satumban 2020 kotun soja a Yaounde ta yanke wa huɗu daga cikinsu ɗaurin shekara goma-goma, ɗaya shekara biyu, ta sallami biyu. Mutane da yawa sun ga hukuncin bai kai girman laifin ba, kuma babu hukuncin da zai dawo da matan nan da 'ya'yansu. Amma maganar cewa a wata ƙasa ne, ko cewa bai faru ba, ta mutu. Waɗanda suka kashe ta ba su da bindiga, ba su da muƙami. Wata katanga ce da wani mutumin ƙauye ya kewaye gininsa da ita bayan Nuwamban 2014, da wani ɗaki da aka rushe, da hanyar da ƙafafun mutane suke fitarwa duk rani. Suna nan a wurinsu tun farko, jira kawai suke a sami mai haƙurin da zai dube su ta ƙasa, ya sake duba su ta sama, ya ƙi cewa ya gano sai bayan ya nemi abin da zai ƙaryata shi ya rasa.